Na'ura ta nuna 341, bayan alwala ta nuna 128

Sani na Birni: Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da shan ruwa. Wani abu ya faru da Tsohonmu jiya, har yanzu ban gane kansa ba. Shekararsa 7 da ciwon sukari, yana shan ƙwaya safe da yamma, yana kuma yin allurar ansulin. Lokotoro ya bar shi ya yi azumi da sharaɗin awo sau uku a yini. Jiya saura kamar minti 20 a kira magariba na soke masa yatsa, na'urar awon sukari ta nuna 341. Mutumin da tun sahur ko ruwa bai kurɓa ba. Hankalina ya tashi, ƙanwata har ta ɗauko allura daga tulu. Shi kuwa ya ce lafiyarsa lau, a bari ya yi alwala tukuna. Da ya gama na sake awo a wancan yatsan dai, sai ga 128. Tsakanin awon biyu bai kai minti 10 ba. Wanne zan yarda da shi? Ko na'urar ce ta mutu?

Laminu: Wa alaikumussalam. Bandalet ɗinka, ƴan tsinken nan da ake sa wa na'ura su tsotsi jini, su ne suka lalace, ba wani abu ba. Zafin Damagaram na wannan lokaci ba ya barin komai. Duba jikin kwalin, za ka ga an rubuta iyakar zafin da ake ajiye su a ciki, mafi yawansu digiri 30 ne, mu kuwa muna haura 40 da rana. Ka sayi sabon gwangwani ka huta.

Malam Habu: Allahu akbar. Ni dai abin da na gani a labarin nan shi ne albarkar alwala. Ruwa ya sanyaya jiki, jini ya kwanta, sukari ya sauka. Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya.

Majo Zuwaira: Amin Malam. Sani, kafin mu ɗora wa na'ura laifi ina da tambaya guda. Me Baba yake yi da hannunsa kafin awon farko? Ba abin da ya ci nake nufi ba, abin da ya taɓa.

Sani na Birni: Yana zaune kan tabarma yana tsaga dabino yana cire ƙwallo, yana rarraba wa jikoki a faranti. Kullum aikinsa kenan in yamma ta yi, ba ya yarda kowa ya yi. Irin mai taushin nan ne mai danƙo, wani ya kawo masa tsaraba. Amma wallahi bai kai ko ɗaya baki ba.

Majo Zuwaira: To mun kama ɓarawon. Na'urarka lafiyarta lau, sukarin Baba ma bai kai 341 ba. Abin da ta auna a karon farko jini ne haɗe da danƙon dabinon da ke kan fatar yatsa. Ita na'ura ba ta da hanyar sanin wane sukari ne ya fito daga jijiya, wane ne yake zaune a waje yana jira. Jini ya fito, ya bi ta kan fata, ya narkar da abin da ya tarar, bandalet ta tsotse duka. Alwala kuwa da wanke hannu ake fara ta, har sau uku, shi ya sa na biyun ya fito daidai. Malam Habu, kun ga alwala ta yi aiki, amma a kan yatsa ta yi shi, ba a cikin jini ba. Jikin mutum ba ya sauke sukari daga 341 zuwa 128 cikin minti 10, ko da an yi masa allura ba ya sauka da wannan gudun.

Laminu: Majo, da girmamawa, wannan bai shiga kaina ba. Ɗan danƙon da ido ma ba ya gani shi zai ƙara sama da 200? Ai ba cikin kwanon zuma ya tsoma hannu ba.

Majo Zuwaira: Laminu, ni ma da aka fara gaya mini haka na ji, sai da na zauna na yi lissafin da kaina. Mu fara da abin da lambar take nufi. A takardar labo nan ƙasarmu giram ake rubutawa, a ce 1,28 g/L. Na'urorin gida da yawa kuma mg/dL suke nunawa, su rubuta 128. Abu ɗaya ne, waƙafi kawai aka matsar. Ma'anarsa cikin lita guda ta jini akwai sukari giram ɗaya da ɗan ɗoriya. Babban mutum yana da jini kamar lita 5. Kenan dukkan sukarin da ke yawo cikin jinin mai lafiya bai wuce giram 5 ba, wato kamar ƙwayar sukari guda da kake jefawa a shayi. Jini ba abu ne mai zaƙi ba, tsarma-tsarma ne ƙwarai.

Yanzu dubi abin da bandalet take sha. Ɗigon ruwa na sosai, irin wanda ke ɗiga daga bakin buta, ka raba shi gida 50, kashi ɗaya shi ne mikrolita guda. Na'urorin yanzu abin da suke buƙata kenan, wasu ma rabinsa. Sukarin da ke cikin wannan ɗan mitsitsin jini kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Don lamba ta tashi daga 128 zuwa 341, ƙarin da ake bukata kamar kashi biyu ne cikin miliyan na giram. Dabino guda kuwa yana ɗauke da wajen giram 2 na irin sukarin da na'ura take gani. Kenan ka raba sukarin dabino ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya tak ya shiga ɗigon jinin, ya isa ya ba ka lambar da ta tsorata Sani. Mutumin da ya tsaga rabin faranti da babban yatsa da manuni, me kake tsammani ya rage cikin zanen fatarsa?

Laminu: Kai. To na ji wannan. Amma maganar zafi fa, ita ma ba ƙarya na yi ba.

Majo Zuwaira: Ba ka yi ƙarya ba, zafi da barin gwangwani a buɗe suna lalata bandalet, kuma ina ganin hakan. Sai dai ba shi ne ciwon nan ba. Daga gwangwani ɗaya Sani ya zaro biyun, abin da ya sauya tsakaninsu wanke hannu ne kawai. Sani, in kana so ka cire shakka, gobe da asuba bayan ya wanke hannu ka auna sau biyu a jere. In ka ga kamar 120 da 130, babu komai, don ƙa'idar da ake ƙera na'urorin nan a kai ta yarda su kauce da kashi 15 cikin 100 in sukari ya haura 100. In kuwa hannu a wanke ka ga 120 da 210, to a nan Laminu ya yi gaskiya.

Hajiya ta Zango: Sannunku ƴaƴana. Ni shekara 11 nake fama da abin nan, kuma ban taɓa soka yatsa ba sai na goge shi da auduga da alkol. Haka na ga ana yi a asibiti, haka nake yi. Sani, laifinka ne da ba ka goge wa mahaifinka ba. Kwalbar alkol nawa take a farmasi?

Sani na Birni: Hajiya, ku yi haƙuri, na manta ban faɗa ba. Na goge masa da alkol kafin na farkon. Shi ya sa ma abin ya ɗaure mini kai.

Hajiya ta Zango: To fa. Zuwaira, zo ki warware mana.

Majo Zuwaira: Hajiya ina wuni. Tsabtar da kuke yi tana da kyau, amma aikin alkol daban ne. Shi ƙwayoyin cuta yake kashewa. Sukari kuwa ruwa yake so, a cikin ruwa yake narkewa, a alkol ba ya narkewa sosai. In kuka goga auduga a yatsa mai danƙo, kuna shafe shi ne daga nan zuwa can, alkol ya bushe ya tashi, sukarin ya zauna inda yake. Ku tuna in zuma ta zuba a tire, ba a gyara shi da ɗan tsumma mai laima, sai an kai shi ga ruwa.

An gwada wannan a Japan, aka buga sakamakon a 2011. Mutum 10 ne waɗanda ba su da ciwon sukari ko kaɗan. Aka sa su ɓare lemu, ko inabi, ko wani ɗan itace da ake kira kiwi, ba tare da sun ci ba, sannan aka auna su. Ba wanke hannu, lambar tsakiya ta masu lemu ta kai wajen 170, ta masu inabi wajen 360, alhali jininsu na gaske bai kai 100 ba. Da aka goge da alkol lambobin sun ci gaba da fitowa sama, har waɗanda aka goge wa sau biyar ba su koma daidai ba. Da suka wanke da ruwan famfo kuwa, lambar ta dawo inda take. Ruwan famfo kawai, Hajiya.

Hajiya ta Zango: Ikon Allah. Ashe shekara 11 kuɗin alkol nake zubarwa. Amma ni raina ba zai kwanta ba in ban goga ba, na saba.

Majo Zuwaira: Ku ci gaba in kuna so, amma bayan wanki, ba a madadinsa ba. Kuma ku jira ya bushe ƙarau kafin ku soka. Sai dai yawan goga shi yana busar da fata, lokacin hunturu har ta tsage.

Malam Habu: Ni tambayata, tunda taɓa dabino kawai yana ɗaga sukari haka, ashe mai wannan ciwo bai kamata ya riƙa taɓa kayan zaƙi ba kenan? Matata tana sayar da alawa da ƙanƙarar lemu a gida, ita ma an ce sukarinta yana kan iyaka. Kada ya riƙa shiga ta fata.

Sani na Birni: A'a Malam, ba haka Majo ta ce ba. Bai shiga jikinsa ba, a bisa fata ya tsaya.

Majo Zuwaira: Haka ne. Sukari ba ya ratsa fata ya shiga jini, ko ta wuni tana dama alawa. Lambar ce take tashi, ba sukarin jikinta ba. Ta ci gaba da sana'arta. Amma ranar da za a auna ta a yatsa, ko a gida ko a wajen masu awon kyauta, ta wanke hannu sosai, kada a rubuta mata ciwon da ba ta da shi. Dama ba a yanke wa mutum hukuncin ciwon sukari da na'urar gida. Sai an ɗebi jinin jijiya a labo kafin karin kumallo, a ga 1,26 ko fiye, a kuma maimaita wata rana a sake gani.

Nana: Salamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, bari in faɗi nawa don ni ta ɗaya ɓangaren ya zo mini. Ɗiyata shekararta 9, allura take yi tun tana 6. Bara lokacin mangwaro ta shigo daga wasa tana gumi, hannunta na rawa, tana ta ƙunƙuni ba dalili. Na san alamun, na auna da sauri, sai na ga 143. Na ce to ba sukari ba ne, rana ce ta buge ta, na kwantar da ita. Allah ya taimake ni na lura tafin hannunta yana manne wa zanena. Ashe ƙaninta ta riƙe wa mangwaron da yake tsotsa. Na wanke mata hannu na sake, 58. Da na bar ta ta yi barci a haka ban san abin da zan tarar ba. Har yau in na tuna jikina sanyi yake yi.

Hajiya ta Zango: Subhanallahi. Allah ya raya miki ita, Nana.

Majo Zuwaira: Amin. Na gode da kika kawo wannan, don shi ya fi ba ni tsoro. Na Sani lambar ta yi girman da ta sa aka yi shakka. Naki kuwa lamba ce mai kyan gani, 143, wa zai zarge ta? Mangwaro bai kai dabino irin wannan sukarin ba, amma duk da haka ruwansa ya ninka na jini kamar sau 20, ya isa ya rufe faɗuwar sukari. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Ga mai allura, in gumi da rawar jiki da ruɗewa suka zo, a bi jiki, kada a tsaya gardama da na'ura. A ba shi ƙwayar sukari 3 a ruwa in babba ne kuma yana iya haɗiya, yaro kuma gwargwadon abin da lokotoronsa ya tsara, a sake awo bayan minti 15 da hannu wankakke.

Sani, ka dubi abin da ya kusa faruwa a gidanku. Da ƙanwarka ta ƙara wa Baba ansulin saboda 341, alhali jininsa 128 ne kuma cikinsa ba komai tun sahur, da cikin dare kun kwashe shi. Taurin kansa na sai ya yi alwala shi ya cece ku.

Sani na Birni: Wallahi tun jiya abin da nake ta tunani kenan. To yanzu in na sake ganin babbar lamba, in ɗauka ƙarya ce?

Majo Zuwaira: A'a, kada ka ɗauki wannan darasin a juye. Ka ɗauka ba a tabbatar ba tukuna, ka tabbatar nan take. A wanke hannu da sabulu, a ɗauraye, a shanya shi da tsumma mai tsabta har ya bushe sarai, don yatsa mai jiƙa yana tsarma jinin ya ba ka lamba ƙasa da gaskiya. Ba tsumman da aka goge faranti da shi ba. Kai ma mai awon ka wanke naka, tunda kai kake riƙe yatsan, kai kake zaro bandalet. A soki gefen yatsa, kuma gara na tsakiya ko na zobe, don babban yatsa da manuni su ne ke taɓa komai. In lambar ta faɗo warwas kuma mutum garau yake, datti ne. In ta sake fitowa sama da 300, ko na'ura ta rubuta HI, musamman in ga ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai ko kasala, to gaskiya ce, a karya azumin a nufi asibiti. Kada a ce bari a ƙara wankewa.

Ɗan Matamai: Majo duk wannan wanki da kike faɗa, kin san halin ruwa a garin nan. Wani lokaci famfo kwana biyu ba ɗigo. Ni kuma a tasha nake wuni ina fere rake, ina da ciwon, na'urata tana aljihu. Ina zan ga sabulu da tawul?

Majo Zuwaira: Rabin buta ya isa, ba wanka za ka yi ba. Ko ledar ruwa guda ka zuba a kan yatsu biyu ka murza sosai. In babu ruwa sam, akwai dabarar ɗigo na biyu: ka soka, ka share ɗigon farko da auduga busasshiya mai tsabta, ka auna wanda ya biyo. A Holan an gwada wannan a kan masu ciwon sukari 123, shi ma a 2011 aka buga. Waɗanda suka taɓa ƴaƴan itace ba su wanke ba, a ɗigon farko 88 cikin 100 lambarsu ta kauce da kashi 10 ko fiye. A ɗigo na biyu suka ragu zuwa 11 cikin 100. Ka ga ya rage sosai, amma bai share ba. Kuma kada ka matse yatsan da ƙarfi don na biyun ya fito, matsa ma tana karkatar da lamba. Ka sauke hannun ƙasa ka ɗan jira.

Ɗan Matamai: To ga abin da zai rushe maganarku. Ni sau da yawa ina awo da hannun rake, ban taɓa ganin 300 ba. Kuma me ya fi rake zaƙi?

Laminu: Yauwa! Majo amsa wannan.

Majo Zuwaira: Tambaya ce mai kyau, kuma zaƙi a baki ba shi ne ma'auni ba. Sukari iri-iri ne. Maganin da ke bakin bandalet an yi shi ne ya kama iri ɗaya, gulukoz, wanda ke cikin jini. Mafi yawan zaƙin rake wani iri ne, shi ne dai na sukarin shayi, kuma bandalet ba ta ganinsa sai ciki ya farfasa shi. Dabino mai taushi da inabi da zuma kuwa cike suke da gulukoz tsagwaronsa. Shi ya sa a gwajin Japan inabi ya ninka lemu. Amma ruwan rake ma yana da ɗan gulukoz, kuma ka ji lissafin ɗazu, kaɗan ake bukata. Tana yiwuwa naka yana ƙara 20 ko 40 ba ka sani ba, tunda ba ka taɓa gwada wankakken hannu a gefe ba.

Ɗan Matamai: Ni dai ban yarda yana ƙara komai ba. Bandalet tsada take, amma zan sadaukar da biyu gobe, ɗaya da hannun aiki, ɗaya bayan buta. In daidai suka fito, Majo kin ci bashin rake sanda guda.

Majo Zuwaira: Na yarda, amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, kuma ka yi su a jere, kada ka sha raken a tsakani.

Hajiya ta Zango: Ni tambayata ɗaya ta rage. Littafin da nake rubuta lambobina in kai wa lokotoro, akwai wasu ranaku na damina da na rubuta 260, 280, har ya ƙara mini ƙwaya. Yanzu ina zan san ko hannuna ne?

Majo Zuwaira: Ba za a iya sani daga littafin ba, Hajiya, ya wuce. Kada ku rage ƙwayar da kanku. Ku gaya masa yadda kuke awo, ku nemi ya rubuta muku awon jinin nan na wata uku da ake yi a labo, HbA1c ake rubuta shi a takarda. Shi daga jijiya ake ɗiba, ba ruwansa da abin da ke kan yatsa. In ya fito sama, lambobinku gaskiya suka faɗa.

Sani na Birni: Na dawo da rahoton yau. Na sa shi ya wanke hannu kafin awon la'asar, 117. Ya yi ta faɗa wai na mayar da shi yaro. Dabinon kuma ya ce ba mai karɓe masa aikinsa, sai dai a riƙa awo kafin ya fara tsagawa. Mun daidaita a kan haka. Ɗan Matamai, muna jiran lambobinka.

Ɗan Matamai: Gobe in Allah ya kai mu. Yau ruwan butar ma almajirai sun shanye.